Gefen Hoton Baba: yadda aikin gajeren labarin ke tafiya

Lahadi, 3 ga Nuwamba 2024

Yau na buɗe sabon shafi a kan labarin da ya daɗe yana cina a rai. Gajere ne, ina son kar ya wuce kalma 1500. Wata ɗiya ce a nan cikin garin Katsina, na ajiye gidansu a Rafindadi saboda lungunan na san su kamar yunwar cikina, babanta ya rasu tana shekara bakwai kuma hoto ɗaya tal ya bari a duniya, baƙi da fari, girman inci 5 da 7, an ɗauke shi yana saurayi a 1978 zaune kan kujera da babbar riga hannunshi ɗaya bisa gwiwa. Wata damina ɗakin innarta ya yi yoyo ruwa ya shiga akwatin ƙarfen da hoton yake ciki, gefen dama ya yi shati, daga baya kuma ya yage daga ƙasa. Duk labarin daga farko har ƙarshe zama ɗaya ne, tsakanin la'asar da magariba, tana zaune zata datse gefen da ya lalace. Shi kenan.

Ban sa mata suna ba, Auta ake ce mata a gida, haka zan barta.

Na rubuta kalma 620 a daren nan. Wurin yankan layi biyu ne kawai: ta ɗauki almakashi ta yanke gefen a hankali, hawaye na zuba. Da na sake karantawa sai naji ban yarda da kaina ba, don ni dai ban taɓa yanke tsohon hoto ba, kuma kalmar nan "a hankali" ita na ɗora ma duk nauyin labarin alhali babu komai a cikinta.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na je wajen wani tsohon mai hoto da ke can wajen babbar kasuwa, tun muna yara shi ke ɗaukar mu hoton sallah, yanzu fasfo kawai yake yi da buga takardu. Na gaida shi na faɗa mashi abinda ke tafe da ni, ya saurara har na gama sannan yace "ɗiyata me ya sa zata yanke?" Nace Baba don kar tabon ya ci gaba da yaɗuwa ya kai fuska. Ya girgiza kai yace shatin ruwa in ya bushe ya tsaya kenan, baya tafiya ko ina sai dai in wani ruwan ya sake samunshi. Wannan layin mai ruwan ƙasa da ake gani a bakin tabon, dattin da ruwan ya kwaso ne ya ajiye a inda ya tsaya, tsatsar akwati da ƙura da sauransu. Abinda ke yaɗuwa hunhuna ce, ita ma sai da danshi, kuma ana gane ta da ɗigo ɗigo masu gashi gashi da warin rumewa.

Wallahi sai naji kamar an zare mani tabarma, don dalilin Auta kenan gaba ɗaya a abinda na rubuta, ashe dalilin ƙarya ne.

Ya ƙara mani da cewa masu aikin adana tsoffin hotuna basa yankewa sam, ta baya suke bi su ɗinke yagar da wata siririyar takarda mai ƙarfi da kullin sitaci na alkama, saboda in an so cirewa wata rana zai fita. Abinda aka yanke kuwa baya dawowa. Haka salatif, yace shi ne babban maƙiyin hoto, bayan shekaru ƙalilan gam ɗin yana zama ruwan ɗorawa ya nutse cikin takardar, ledar ta faɗi tabon ya zauna. Lamineshin kuma ya fi muni don zafi ne da leda aka manne har abada.

Da zan tafi ya buɗe wata tsohuwar durowa ya bani hotuna shida da masu su basu taɓa dawowa karɓa ba tun shekarun baya, yace je ki gwada hannunki a kansu kafin ki sa yarinyar mutane ta yanke babanta. Allah Ya saka mashi da alheri.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Gwaji na farko, bayan na gama girkin rana.

Cikin shidan, huɗu bayansu takarda ce zalla, in ka shafa kaji kaushi kuma fensir na kamawa da kyau, biyu kuma bayansu santsi kamar an shafa leda. Masu santsin sune na baya baya, takarda ce da aka lulluɓe da roba gaba da baya. Na Auta irin na farkon ne, don shi ne ruwa ke shiga jikinshi ya bar shati sosai, kuma shi ne ke nannaɗewa. Yanzu da iskar hunturu ta fara kaɗawa duk huɗun sun lanƙwashe ta wajen fuska kamar ganye, saboda shafen da ke saman hoton, wanda hoton kanshi yake ciki, ya fi takardar ƙanƙancewa in iska ta bushe. Wannan kaɗai ya canza mani lokacin labarin, da a damina na sa shi, yanzu na dawo da shi farkon hunturu, hoton na turje mata yana ƙin kwanciya.

Na fara da almakashi kamar yadda na rubuta. Bai yi ba. Kowane rufe baki da almakashin yayi sai ya bar ɗan tsani a layin, in ka ɗaga a haske zaka ƙirga sau nawa aka datsa, gashi kuma yana ɗaga takardar yana lanƙwasa ta, inda shafen ya riga ya bushe ya tsattsage sai ya riƙa ɓarewa ƙanana ƙanana kamar ɓawon gyaɗa ya bar fari. Na ɓata ɗaya haka.

Na biyun na ɓata shi ta wata hanya. Na ga datti a goshin mutumin sai na jiƙa auduga na goga, cikin ɗan lokaci wurin ya yi laushi ya kama yauƙi, da na ƙara gogawa goshin ya biyo audugar. Na zauna ina kallon farin wurin raina ya ɓaci ƙwarai, mutum ne da ban sani ba amma dai baban wani ne ko kawun wani. Wannan ɓacin ran shi na rubuta a gefen littafi, don irinshi Auta ke tsoro sau ɗari.

Sauran huɗun na sa kowane tsakanin fararen takardu masu tsabta na danne da manyan littattafai, sai bayan kwana biyar zan duba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Sun kwanta, ba sosai ba amma dai ana iya aiki. Yau na gane yadda ake yi kuma zan rubuta shi filla filla don daga nan zan ɗebo tsakiyar labarin.

Kwali mai kauri a ƙasa, bisa faifan tebur ko wani abu da baya motsi. Hoton fuskarshi na sama don kana son ganin inda reza zata bi. Ba a sa alama a jikin hoton, a kan kwalin ake ɗiga fensir sama da ƙasa inda layin zai fara da inda zai ƙare. Rula ta ƙarfe, ta roba reza na cinta ta kauce. Abinda ya fi komai muhimmanci shi ne rular ta kwanta a kan ɓangaren da ake son ajiyewa, gefen da za a zubar shi ne a waje, ta yadda in hannu ya goce ɓarnar zata faɗa kan abinda dama za a cire. To amma kenan ƙarfe zai hau jikin mutumin, don haka sai an sa farar takarda tsakanin rular da hoton. Reza sabuwa fil, na raba ta biyu na naɗe bayan da takarda saboda yatsa. Kuma ba a dannawa a yanke lokaci ɗaya, ja na farko shafen saman kawai yake tsagawa, na biyu ya shiga takarda, na uku ko na huɗu gefen ya rabu da kanshi ba tare da an ja shi ba. In kaji kana son jan gefen da hannu to bai yanku ba, a ƙara bi.

Inda layin zai tsallaka yaga nan ne haɗarin, don tsohuwar takarda in ta yage bata rabuwa daidai, leɓe ɗaya na hawa kan ɗaya da farin zare a tsakani, in reza ta zo ta inda leɓen ke kallonta sai ta ɗaga shi ta ƙara yagar. Dole ka zo ta bayan leɓen yadda rezar zata kwantar da shi. Na yaga ɗaya da gangan na gwada ta hanyoyin biyu, bambancin a bayyane yake.

Ga abinda ya maye gurbin layi biyun nan:

"Ta ɗora farar takarda a kan ƙirjinshi, ta ɗora rular a kai, sai ta ga ta rufe shi tun daga wuya har gwiwa, fuskar kaɗai ta rage a waje tana kallonta. Ta ɗauke hannunta. Sai da ladan ya gama gyaran lasifika ya yi shiru sannan ta sake dafa rular."

Ban ambaci likkafani ba kuma ba zan ambata ba, duk wanda ya taɓa ganin an shirya mamaci zai gani da kanshi. Hawayen ma na cire su, mai riƙe da reza a kan hoto ɗaya tal bata da damar kuka, ɗigo ɗaya ya isa ya yi abinda audugata tayi.

Kalma 1040 yanzu.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Har yanzu dalilin ne ke bani wahala, kwana huɗu ina juya shi. Na karanta ma Inna abinda na rubuta da daddare tana tsinke zogale, tace "ke ko wannan yarinya, garin neman gira zata rasa ido." Nace Inna to ke me zai sa ki yanke in naki ne? Tayi shiru can tace ita ba zata yanke ba, amma ta san abinda ke sa mutum yin haka, in kowa ya karɓi hoton bakinshi na farko "ayya me ya same shi" ne, babu mai cewa kai ga kamarku.

Nan na samu. Auta na da ɗa ɗan shekara biyar wanda aka sa ma sunan kakan, ana ce mashi Abba, ranar da ta nuna mashi hoton yatsanshi kan tabon ya sauka, yace Umma waye ya zuba ma shi shayi, fuskar ko kallo bata ishe shi ba. Dalili na biyu kuma na hannu ne, yagar tana kama bakin ambulan duk lokacin da aka zaro hoton, kowace sallah in 'yan uwa sun zo an fiddo sai ta ƙara ɗan tsawo, ita kuma tana aunawa da ido shekara da shekaru tana ganin tana matsowa wajen hannunshi. Wannan gaskiya ne, na gani a hoton gwajina, zarowa biyar kawai nayi yagar ta ƙaru.

Akwai wata dabara da ta zo mani na ƙi ta. Wai a gefen da za a yanke a ga ɗan yatsan jaririya, ya zamana ita ce. Zai sa mai karatu kuka amma lissafi bai bada ba, 1978 ko aure bai yi ba, sannan abin yayi kama da shiri. Na fi son asarar ta zama ƙarama ta gaske, irin wadda ake aunawa da rula.

Don haka na zauna na zana hoton a takarda da ainihin girmanshi na sa awo. Farin gefe da masu hoto ke bari zagaye, milimita 6. Shatin ruwa a inda ya fi faɗi, milimita 9, wato ya cinye farin gefen ya shiga labulen bayan situdiyo da milimita 3. Yagar ta shiga milimita 14. Babban yatsanshi a bisa gwiwa, da bakin hannun rigar, suna farawa a milimita 12. Kenan in tana son kawar da yagar duka sai ta yanke 14 ta tafi da kan yatsan babanta, in ta tsaya a 9 tabon ya tafi yatsan ya tsira amma saura yaga milimita 5 da bakinta ya riga ya taɓa yatsan. Tsakanin 9 da 14 ɗin nan duk labarin yake. Sau biyu tana matsar da rular.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Yayana ya kama mani babban kuskure yau, Allah Ya sa na bashi kafin kowa. Na rubuta cewa a bayan hoton akwai rubutun babanta da ajami, sunanshi da unguwa da shekarar, kuma yankan zai tafi da lambar ƙarshe ta shekara ya bar 197 yadda ba za a ƙara sanin wace shekara bace. Yaya ya ɗauki takarda yace zo ki gani ƙanwata. Gefen dama na fuskar hoto in kin juya shi ya koma hagu. Ajami daga dama yake tafiya zuwa hagu, to ƙarshen layi ne a wajen, shekarar na nan, wannan kin yi daidai. Amma lambobi ko cikin rubutun Larabci daga hagu ake jera su zuwa dama, 1 ce a can ƙarshen hagu sannan 9 sannan 7 sannan 8. Reza in ta shigo ta hagu 1 da 9 zata fara ci, 78 ya rage.

Da farko naji haushi don ina son wancan rashin sanin shekarar, amma da na sake auna shi a zanena sai naga gaskiyar ta fi daɗi. Yankan milimita 9 zai ɗauke 1 da 9, shekarar bata ɓata ba kowa ya ga 78 ya gane. Yankan 14 zai haɗa da 7, ya bar 8 ita kaɗai mara ma'ana. Ga yatsa ta gaba ga shekara ta baya, duka biyun suna ce mata ta tsaya a 9. Ita kuma bata san da rubutun zai shiga layi ba sai da ta juya hoton don ta karkaɗe ƙura, nan na sa tsakiyar labarin ya juya.

Yaya ya kuma ce duk mai hankali a yau zai fara kai hoton a yi mashi sikanin kafin ya taɓa shi, in Auta bata yi ba masu karatu zasu ce sakarya ce. Gaskiyarshi. Na je shagon buga takardu da ɗaya daga hotunan gwaji na ga yadda ake yi: a sa 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, wanda ga inci 5 da 7 zai bada ɗigo 3000 x 4200, a ɗauka da launi ko da hoton baƙi da fari ne don shatin da tsufan takardar su fito yadda suke, a yi gaba a yi baya, a ajiye a TIFF, tsarin da baya rage kyawun hoto, in injin na yi. In za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin Document, in ba haka ba zai matse shi ya rage kyau. A labarin duk wannan jimla biyu ne, ta yi da safe, yana cikin wayarta, kuma duk da haka hannunta na rawa don na wayar babanta bai taɓa riƙe shi ba.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Kalma 1580, sai na rage 80. Na san inda zasu fita, akwai sakin layi a farko da na tsaya bayanin yadda ɗakin ya yi yoyo da azara da indararon da ya toshe, jimla ɗaya ta isa.

Ta yanke a 9. Ja huɗu, na ba kowane ja layinshi. Bayan nan akwai ɗan wuri da nake so sosai, inda ta ɗaga rular ta ga yanzu gefe uku na da farin baki ɗaya babu, hoton ya karkace a ido, hannunta ya kai kan rular zata daidaita sauran ukun sai ta tuna kowane gefe ta taɓa wani abu zai tafi, ta maida rezar cikin takardarta. Sauran yagar milimita 5 bata sa mata salatif ba, ta ninke farar takarda biyu ta kwantar da hoton a ciki yadda daga yau buɗewa za a riƙa yi a daina zarowa.

Abinda ya rage mani shi ne siririn gefen da ta cire, tsawon inci 7 faɗin milimita 9, da tabo a gaba da 1 da 9 na hannun babanta a baya. Na rubuta ƙarshe iri biyu. A ɗaya ta sa shi cikin ninkin takardar tare da hoton, a bayanshi. A ɗayan Abba ya shigo daga makarantar allo ya ɗauke shi daga kan kwalin yana tambayar ko nashi ne, ita kuma tana miƙa mashi hoton don ta ga ina yatsanshi zai sauka wannan karon. Na biyun ya fi ja na amma ina tsoron ya faɗi abu da yawa, kuma ban yanke ko zan nuna inda yatsan ya sauka ba ko a tsaya tana miƙawa.

Gobe in Allah Ya kaimu zan koma wajen Baba mai hoto in karanta mashi wurin yankan ya faɗa mani in akwai inda hannunta yayi abinda hannu baya yi, in kuma maida mashi hotuna biyun da ban taɓa ba.